Gurabe biyar da ke fitar da saƙo a kan lokaci

Duk wanda ke bin shafukan labarai ko na 'yan kasuwa a waya ya taɓa ganin irin wannan: saƙo ya fito ƙarfe bakwai da rabi na safe daidai, gobe ma haka, jibi ma haka, ba ya makara ko da minti ɗaya. Mutane da dama suna zaton akwai wani yaro da aka ɗora wa aikin tashi da sassafe ya danna maɓalli. Sau da yawa babu kowa a wurin. Abin da ke akwai layi ne guda ɗaya, gajere, da aka rubuta wa kwamfuta tun watannin baya, mai kama da wannan:

```
30 7 * * 1-6
```

Masu sana'ar kwamfuta suna kiran wannan layin `cron`, da sunan wata tsohuwar manhaja da ta taso tare da tsarin Unix a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka a shekarun 1970. A 1987 wani injiniya mai suna Paul Vixie ya sake rubuta ta, kuma tsarinsa ne aka fi gada a kwamfutocin Linux na yau, waɗanda su ne ke riƙe da akasarin shafukan intanet. Manhajojin da ke tsara fitar da saƙonni sun ari wannan salon rubutu, shi ya sa wanda bai taɓa taɓa Linux ba ma yana iya cin karo da akwatin da ake cewa ya cike da gurabe biyar.

Kafin a shiga ma'anar lambobin, akwai abu ɗaya da ya kamata mai koyo ya riƙe, domin kusan duk kurakuran da ake yi daga rashin saninsa suke fitowa. Manhajar `cron` ba ta ƙidaya lokaci. Ba ta cewa awa kaza ta wuce tun saƙon baya, saura awa kaza. Aikinta kamar na maigadi ne da aka ba takarda, aka ce kowane minti ya ɗaga kai ya dubi agogo da kalandar bango, ya gwada da abin da ke rubuce. In sun yi daidai ya buɗe ƙofa, in ba su yi ba ya jira minti na gaba. Sau 1,440 take yin wannan dubawa a kowace rana, kuma ba ta tuna abin da ya faru a dubawar da ta gabata.

A ɗauki misalin wata ƙungiyar dillalan hatsi a kasuwar Dawanau da ke Kano, a ce suna so kowace safiya farashin buhun masara da gero da wake ya fita zuwa wayoyin mambobinsu. Sakatare yana shigar da farashin tun da yamma, wata 'yar manhaja kuma tana ɗauka ta aika. Abin da ya rage shi ne a gaya wa kwamfuta yaushe za ta tayar da wannan manhaja. Nan ne layin da ke sama ya shigo.

Ana karanta shi daga hagu zuwa dama, kuma fili ne ke raba gurbi da gurbi. Gurbi na farko na minti ne, daga 0 zuwa 59. Na biyu na awa ne, daga 0 zuwa 23, wato lissafin awa ashirin da huɗu, inda ƙarfe huɗu na yamma yake 16, sha biyun dare kuma 0. Na uku kwanan wata ne, daga 1 zuwa 31. Na huɗu wata ne, daga 1 na Janairu zuwa 12 na Disamba. Na biyar ranar mako ce, kuma lissafinta ya yi daidai da yadda Bahaushe ya saba jera ranaku: Lahadi ce farko, sai dai lambarta 0, Litinin 1, har zuwa Juma'a 5 da Asabar 6. A tsarin Vixie ana karɓar 7 ma a matsayin Lahadi.

Alamar tauraro kuwa tana nufin ko wanne ne ya yi. Tauraro a gurbin wata yana cewa kada a damu da wane wata ake ciki. Ƙaramin layin da ke tsakanin 1 da 6 yana nufin daga wannan zuwa wancan. Saboda haka layin dillalan yana cewa: minti na 30, awa ta 7, ko wane kwanan wata, ko wane wata, daga Litinin zuwa Asabar.

A gwada shi da ranar Talata, 2 ga Yunin 2026. Da ƙarfe 7:29 kwamfuta ta duba, minti 29 bai yi daidai da 30 ba, ta bari. Da 7:30 minti ya dace, awa ta dace, taurari biyu ba su hana komai ba, Talata kuma 2 ce, tana cikin 1 zuwa 6. Sai saƙo ya fita. Da 8:30 minti ya sake dacewa amma awa ta saɓa, babu abin da zai faru. Ranar Lahadi 7 ga wata da 7:30 gurabe huɗu sun dace, na biyar ya ƙi, don haka wayoyin dillalai za su yi shiru. Wanda ya iya yin wannan gwaji da bakinsa ya riga ya iya karanta `cron`.

Layin lokaci shi kaɗai ba ya aika komai. A kwamfutar Linux ana rubuta shi ne a wani fayil da ake buɗewa da umarnin `crontab -e`, kuma bayan gurabe biyar ɗin sai a sa sunan abin da za a tayar:

```
30 7 * * 1-6 /home/kungiya/aika_farashi.sh
```

Ɓangaren hagu yana faɗin yaushe, na dama yana faɗin me za a yi. Umarnin `crontab -l` yana nuna abin da aka riga aka rubuta. Akwai kuma `crontab -r`, wanda ke share jadawalin gaba ɗaya, a yawancin tsare-tsare ba tare da ya tambaya ba, ga shi harafin `r` yana maƙwabtaka da `e` a kan allon rubutu. Ya kamata a ajiye kwafin jadawali a wani wuri dabam.

Kuskuren farko da mai koyo ke yi shi ne juya gurabe biyun farko, domin a baki awa ake fara faɗa kafin minti. Idan ya rubuta `7 30` abin ya zo da sauƙi, kwamfuta za ta ƙi karɓa tunda babu awa ta 30. Matsalar tana wurin lambobin da suka halatta ta kowane gefe. Mai son takwas da kwata na safe ya kamata ya rubuta `15 8`. In ya rubuta `8 15` babu wanda zai yi masa gargaɗi, saƙonsa kuma zai fita ƙarfe uku da minti takwas na rana.

Kuskure na biyu ya fi wannan ban kunya. Mutum yana son saƙo ƙarfe bakwai, sai ya ga bai da wani minti da zai ambata, ya bar tauraro a gurbin farko:

```
* 7 * * 1-6
```

Tauraro ya ce ko wane minti ya yi. To 7:00 ya dace, 7:01 ya dace, haka har 7:59. Mambobi za su sami farashin masara sau sittin kafin su gama karin kumallo, kuma in saƙon tes ne da ake biya, kuɗin ƙungiya ne ke ƙonewa. Ƙarfe bakwai daidai ana rubuta shi `0 7`. Sifilin nan ba ado ba ne, shi ne ke mayar da saƙo sittin ya zama ɗaya.

Bayan tauraro da layin tsakani akwai waƙafi, wanda ke jera zaɓi. Idan dillalai suka ce a ƙara wani saƙon da yamma, `30 7,16 * * 1-6` zai ba su bakwai da rabi na safe da huɗu da rabi na yamma. Amma a ce suna son na yamman ya zama ƙarfe huɗu daidai. Mai gaggawa zai rubuta `0,30 7,16`, yana zaton lambobin za su haɗu biyu-biyu. Ba haka kwamfuta ke karantawa ba. Kowane gurbi shi kaɗai ake duba shi, don haka za a sami saƙo huɗu: 7:00 da 7:30 da 16:00 da 16:30. Maganin shi ne layi biyu, ɗaya na safe ɗaya na yamma. Babu dokar da ta ce dole jadawali ya shiga layi guda, kuma layi biyu da kowa zai gane sun fi layi ɗaya mai wayo.

Alama ta ƙarshe ita ce karkataccen layi, mai nufin a riƙa tsallake. A lokacin kaka, sa'ad da farashi ke motsi cikin yini, ana iya rubuta `0 8-18/2 * * *`, wato daga takwas na safe zuwa shida na yamma, ana tsallake awa ɗaya: 8, 10, 12, 14, 16, 18, saƙo shida. `*/15` a gurbin minti yana ba da 0, 15, 30, 45, kuma yana tafiya sumul saboda 15 ta raba 60 ba saura.

A nan ne rashin ƙidaya lokaci ke fara nuna kansa. Wanda ya rubuta `*/45` yana tsammanin saƙo duk bayan minti arba'in da biyar. Abin da kwamfuta ta fahimta shi ne a fara daga 0 a tsallaka 45 a cikin awa ɗaya, sai ta sami lambobi biyu kacal, 0 da 45. Saƙo zai fita 9:00, sai 9:45, sai 10:00, tazarar minti 45 sannan ta minti 15. Haka `*/2` a gurbin kwanan wata yana nufin ranakun 1, 3, 5 har 31, ba kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta ba. A ƙarshen Mayu saƙo zai fita ranar 31, ya sake fita washegari 1 ga Yuni. Saboda wannan dalili babu yadda za a rubuta "duk bayan mako biyu" da gurabe biyar ɗin nan. Abin da ya fi kusa shi ne `0 9 1,15 * *`, ranar 1 da ranar 15 ga kowane wata, wanda sau 24 ne a shekara, ba 26 ba. Ga masu adashi da ke zubi mako biyu-biyu, wannan bambanci na zubi biyu ne cur.

Ƙarshen wata ma yana da nasa tarko. Ma'ajin ƙungiya yana so a tuna wa mambobi kuɗin wata, sai a rubuta masa `0 9 31 * *`. Watanni bakwai ne kawai ke da ranar 31. A Fabrairu da Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba kwamfuta za ta yi ta duban kalanda, 31 ba za ta zo ba, kuma ba za ta ce uffan ba. Wanda ke son tunatarwa ta fita kowane wata ya zaɓi ranar 28 ko ƙasa da haka, ko ya mayar da ita ranar 1.

Sai kuma ƙa'idar da ta fi kowace ruɗa mutane, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. An ce a sama dole gurabe su dace kafin saƙo ya fita, kuma haka ne, amma akwai togiya guda. Gurbi na uku da na biyar duk rana suke magana a kai, ɗaya kwanan wata ɗaya ranar mako. Idan ɗayansu tauraro ne, babu rikici. Idan kuwa aka cike su duka biyu da lambobi, `cron` na gargajiya ba ya neman su dace tare. Ko wanne ya dace a cikinsu ya isa.

A ce dillalai suna taro kowace Juma'ar farko ta wata, ana so sanarwa ta fita ƙarfe tara na safiyar ranar. Tunani mai kyau zai ce Juma'ar farko dole ta faɗo tsakanin 1 da 7 ga wata, don haka a rubuta:

```
0 9 1-7 * 5
```

A watan Yunin 2026 Juma'o'i sun faɗo ranakun 5 da 12 da 19 da 26, kuma ranar 5 kaɗai ake nufi. Amma kwamfuta za ta aika sanarwa kowace rana daga Litinin 1 ga wata zuwa Lahadi 7, saboda gurbi na uku ya dace. Sannan ta sake aikawa ranakun 12 da 19 da 26, saboda gurbi na biyar ya dace. Sanarwa goma ke nan a madadin ɗaya, tara daga ciki kuma suna kiran mutane taron da babu shi. Hanyar da aka saba bi ita ce a bar gurbi na biyar tauraro, `0 9 1-7 * *`, sannan a sa manhajar da ke aikawa ta fara tambayar ko yau Juma'a ce; in ba ita ba ce ta koma ta kwanta. Gaskiya wannan ƙa'ida ba ta yi wa mai koyo adalci ba, domin babu abin da ke nuna ta a fuskar layin, amma an gina jadawali masu yawan gaske a kanta tsawon shekaru, ba mai iya canza ta yanzu.

Ko da layi ya fita daidai, saura tambayar agogon wa ake dubawa. Masu sauraron rediyo sun saba jin ana cewa ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, wato ƙarfe kaza agogon GMT da Gana. Wannan bambanci na awa ɗaya yana nan a cikin kwamfuta. Manyan kwamfutocin da ake haya a intanet don su riƙe shafuka galibi an saita su a kan UTC, wanda a aikace daidai yake da GMT. Kano da Maraɗi da Garwa da Njamena suna gaba da shi da awa ɗaya, Kumasi tana daidai da shi, Khartum tana gaba da awa biyu. Idan dillalan Dawanau suka sa `30 7` a irin wannan kwamfuta, saƙonsu zai iso takwas da rabi, an riga an fara ciniki. Sai su rubuta `30 6`, ko su saita agogon manhajar a kan `Africa/Lagos` in tana ba da dama. Umarnin `date` yana nuna agogon da kwamfutar ke bi, kuma shi ya kamata a fara bugawa kafin a rubuta ko da lamba ɗaya.

Kusa da tsakar dare gyaran yana taɓa har ranar mako. Sha biyu da rabi na daren da ya shiga Litinin a Kano, a agogon UTC sha ɗaya da rabi ne na daren Lahadi, don haka `30 23 * * 0` za a rubuta. Idan kuma kwamfutar tana bin agogon Landan, akwai wata matsalar: Birtaniya tana tura agogonta gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Najeriya da Nijar ba sa yin haka. Saƙon da ya yi wata bakwai yana zuwa daidai zai wayi gari yana makara da awa ɗaya ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Akwai iyaka ta biyu da ta shafi yankinmu kai tsaye. Tunda `cron` ba ya tuna baya, idan an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu daga 7:20 zuwa 7:40, minti na 30 ya wuce ba wanda ya gan shi, kuma ba a ramawa. Saƙon ranar ya tafi ke nan. An yi wata manhaja mai suna `anacron` domin kwamfutocin da ba sa kwana a kunne. Ita tana rubuta ranar da ta yi aiki na ƙarshe ta rama in an kunna, amma da kwanaki take lissafi, ba ta alkawarin minti. Masu shafukan WordPress kuma su sani cewa abin da ake kira `WP-Cron` a can ba ya duban agogo kowane minti. Yana farkawa ne idan wani ya buɗe shafin. Shafin da ba shi da baƙi da asuba yana iya barin rubutun da aka tsara ya makara.

Idan saƙo bai fita ba, akwai hanyar gane inda laifin yake. A kwamfutocin Ubuntu ana duba littafin ayyuka da wannan umarni:

```
grep CRON /var/log/syslog
```

In akwai layi mai nuna 7:30 da sunan manhajar, to jadawali ya yi aikinsa, matsalar tana wurin manhajar ko layin intanet. In babu, sai a koma kan gurabe biyar da agogo da wuta. Kafin a saki sabon layi kuma, shafuka irin su crontab.guru suna nuna lokutan da zai tashi nan gaba. Duba biyar na farko yana kama yawancin kurakuran da aka ambata.

Kalandar Miladiyya kaɗai `cron` ya sani. Watan azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma farkonsa yana jiran ganin wata da sanarwar Sarkin Musulmi, don haka babu lambar da za a sa a gurbi na huɗu ta zama Ramadan. Lokacin shan ruwa ma yana motsi daga rana zuwa rana, na Sakkwato kuma ba na Maiduguri ba ne. Mai son saƙon buɗa-baki sai ya sa `cron` ya riƙa tayar da manhaja kowane minti a tsakanin biyar da takwas na yamma, ita kuma ta duba teburin lokutan salla na garin ta yanke hukunci.

Abu na ƙarshe da za a kiyaye shi ne ba kowane akwati mai suna `cron` ne ke da gurabe biyar ba. Tsarin Quartz, da ake amfani da shi a manhajojin Java, yana sa gurbin daƙiƙa a gaba, ya zama shida, kuma a wurinsa Lahadi ce 1, Juma'a 6. Layin da aka kwafo daga can aka liƙa a Linux, ko daga Linux zuwa can, yana iya fitar da gaisuwar Juma'a ranar Alhamis ko Asabar. Duk wanda aka ba akwatin jadawali ya cike, ya fara ƙirga gurabe nawa ake nema, ya tabbatar da lambar Lahadi a wannan tsarin, sannan ya tambayi agogon da kwamfutar ke bi.